Yadda Ake Rubuta Takardar Sulhu Tsakanin Abokan Aiki Biyu Ba Tare da Karkata Ba

A makarantun firamare da ƙananan asibitocin karkarar Kano da Jigawa, yawancin saɓanin da ke shiga tsakanin ma'aikata ba ya kaiwa ofishin sakataren ilimi ko sakatariyar ƙaramar hukuma. A ofishin hedimasta ake kashe shi, ko a gindin darbejiya bayan an tashi yara, a yi nasiha, a yi musafaha, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Matsalar takan ɓullo ne bayan mako uku ko huɗu, lokacin da ɗaya zai ce an yi da shi zai biya a ƙarshen zango, ɗayan kuma ya rantse cewa ƙarshen wata aka ce, su kuwa waɗanda suka halarci zaman kowa ya tuna abin da kunnensa ya ɗauka. Takardar sulhu ita ce maganin wannan, amma sai in an rubuta ta yadda ya kamata, domin takardar da ta karkata ta fi rashin takarda illa.

Ma'aunin da nake amfani da shi, bayan na sha riƙe biro a irin wannan zama, guda biyu ne. Kowace jimla da ke cikin takardar ta zama wadda kowane ɗaya daga cikin mutanen biyu zai iya karantawa da bakinsa a gaban abokan aiki ba tare da ya ji an kayar da shi ba, sannan kowane alkawari ya zama wanda baƙon da bai halarci zaman ba zai iya dubawa ya ce an cika ko ba a cika ba. Duk matakan da ke ƙasa daga waɗannan biyun suka fito.

Misalin da za mu bi

Na haɗa wannan misali ne daga irin ƙorafin da ake yawan kawowa. A ƙaddara malamai biyu ne da ke zaune a Gumel, suna koyarwa a wata firamare ta ƙauye a kan hanyar Maigatari. A takarda ta gaskiya cikakkun sunayensu za a sa, amma a nan zan kira su da darussan da suke koyarwa. Malamin Lissafi yana da babur, kullum yana ɗaukar Malamin Hausa zuwa da dawowa, shi kuma yana ba da naira 8,000 a wata a matsayin gudummawar fetur. Malamin Lissafi ya ce yana bin kuɗin wata huɗu, wato naira 32,000. Malamin Hausa ya ce wata uku ne, naira 24,000, domin wata guda ya faɗa cikin dogon hutu, kuma akwai ranar da shi ya biya mai faci. Ban da haka, ya yi ƙorafin cewa duk ranar Alhamis abokinsa yakan sulale da hantsi zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari, ya bar masa aji biyu, ya kuma bar shi yana neman abin hawa da rana tsaka. Abin da ya fasa ƙwai shi ne saƙon da Malamin Lissafi ya tura a zauren malamai na WhatsApp, inda ya yi habaici a kan masu cin bashi su kwanta a kai. Mataimakin hedimasta da shugaban kwamitin iyaye suka shiga tsakani, aka zauna, aka daidaita. Yanzu saura rubutu.

Kafin a ɗauki biro

Mataki na farko shi ne a tantance wanda zai rubuta, kuma a faɗe shi tun farkon zama, ba bayan an gama ba. Wanda ya shiga tsakani shi ya fi dacewa, ko wani na uku da dukansu suka amince da shi. Kada ɗaya daga cikin masu saɓanin ya ce zai je gida ya rubuto, ko da ya fi kowa iya rubutu, domin mutum ba ya jin karkatar harshensa, kamar yadda ba ya jin warin jikinsa. Haka nan wanda ke da dangantaka ta jini ko ta aure da ɗayansu, ko wanda shi ma yake hawa babur ɗin, ya bar wa wani.

A lokacin zaman mai rubutu ya riƙe takarda biyu. Ta farko ta tsince-tsince ce, inda zai riƙa kama duk abin da aka faɗa don kada ya manta, har da maganganun zafi. Ta biyu kuwa babu abin da zai hau kanta sai abin da mutanen biyu suka ce sun yarda da shi. Duk lokacin da aka cimma matsaya a kan abu guda, ya dakatar da zaman ya maimaita shi da baki: "Malam, na ji ka ce za ka biya naira 27,000 a kashi uku. Haka ne? Malam, kai ma ka karɓi hakan?" Sai ya ji "haka ne" daga bakin kowannensu sannan ya rubuta. Shiru ba amsa ba ce a wannan wuri. A ƙasarmu ƙaramin ma'aikaci yakan sunkuyar da kai a gaban babba saboda kunya, mai rubutu ya ɗauka yarda ce, alhali mutumin ya ƙudure a ransa ba zai yi ba. Idan aka ga haka, gara a ɗan keɓe da shi a tambaye shi shi kaɗai. Takardar tsince-tsincen kuma a yage ta a gabansu idan an kammala, domin su san cewa maganganun ɓacin rai ba su bi kowa gida ba.

A rubuta takardar a ranar, kafin a watse, ko in an daɗe washegari. Idan aka bari ta kwana uku, kowa ya riga ya je ya ba iyalinsa da abokansa labari, kuma labarin da ya bayar shi zai zauna masa a kai, ba abin da aka yi ba.

Kan takarda da bayanin saɓani

Kan takardar gajere ne: kwanan wata, wurin zama, sunayen mutanen biyu da muƙamansu, sunayen masu shiga tsakani, da sunan wanda ya rubuta. Amma ko a nan ana iya karkata. Idan aka rubuta "Alhaji Malam wane" ga ɗaya, aka rubuta suna tsurarsa ga ɗayan, an riga an nuna wanda ya fi nauyi tun kafin a shiga magana. A ba su laƙabi iri ɗaya, Malam da Malam, ko Malam da Malama, sannan a jera sunayen bisa tsarin haruffa, a kuma faɗa musu cewa haka aka yi. Kalmomin "mai ƙara" da "wanda ake ƙara" na kotu ne, ba su da gurbi a nan.

Muna da abin koyi a kan wannan a tarihin Musulunci. A sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da Sayyidina Ali yake rubuta yarjejeniyar, wakilin Ƙuraishawa, Suhailu ɗan Amru, ya ƙi amincewa a rubuta "Manzon Allah", domin a cewarsa da sun yarda da hakan da ba su yaƙe shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yarda aka rubuta "Muhammadu ɗan Abdullahi". Gaskiyar ba ta canja ba, amma takardar da ɓangare biyu za su sa wa hannu ta ɗauki lafazin da dukansu suka amince da shi. Mai rubuta sulhu yakan san wanda ya fi gaskiya, kuma sau da yawa hannunsa yakan yi ƙaiƙayi ya nuna hakan. Wurin faɗar wannan shi ne nasiha ta baki, ba takarda ba.

Bayanin saɓanin kada ya wuce jimla biyu ko uku, kuma ya ambaci batutuwa ne, ba labari ba. Mai rubutun da bai goge ba zai fara da cewa Malamin Hausa ya ƙi biyan bashin fetur na wata huɗu, abin da ya sa Malamin Lissafi ya fusata ya tura saƙo. A cikin wannan jimla ɗaya an yanke hukunci uku: an ce ƙi ya yi ba kasawa ba, an ɗauki lissafin ɓangare ɗaya, an kuma ba saƙon uzuri. Abin da ya kamata a rubuta shi ne cewa an samu saɓani tsakaninsu a kan lissafin gudummawar fetur, da tsarin tafiya da kula da azuzuwa a ranar Alhamis, da kuma wani saƙo da aka tura a zauren malamai. Babu wanda zai musa wannan, kuma ya wadatar ga duk wanda zai karanta.

Kalmomin da ke ɗauke da hukunci

Wannan shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, domin Hausa cike take da ƙananan kalmomi masu ɗaukar ɓangare a ɓoye. Idan aka rubuta "ya yi iƙirarin cewa", an nuna shakka a kan maganar mutum, in kuma aka rubuta "ya bayyana cewa" ko "ya tabbatar da cewa" ga ɗayan, an gaskata shi. A yi amfani da "ya ce" ga dukansu. "Zai daina" tana nufin da yana yi, "ba zai sake ba" tana nufin ya taɓa yi, "daga ƙarshe ya yarda" tana nufin ya yi taurin kai kafin ya sauko. Haka "ma" da "dai" da "har" da "wai": "wai ya biya mai faci" ta gama ƙaryata mutum da harafi uku.

Na taɓa rubuta "ya amsa kuskurensa" a wata takarda, ina ganin na tausasa lafazi tunda ban ce "laifi" ba. Mutumin ya sa hannu saboda ganin idon manya, amma kafin mako ya zagayo abokin saɓaninsa ya nuna wa mutane wannan layin a matsayin shaidar cewa shi ya yi nasara, sulhun kuma ya warware ya fi da muni. Tun daga nan na fahimci hikimar abin da malamanmu ke karantarwa a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, cewa sulhu ya halatta a kan iƙirari kuma ya halatta a kan inkari. Ma'anarsa ita ce ba sharaɗi ba ne sai wani ya amsa cewa shi ne da laifi kafin a daidaita. A misalinmu babu buƙatar a tabbatar da wata huɗu ne ko uku. Ya isa a rubuta cewa lissafinsu ya bambanta, kuma sun amince da naira 27,000 a matsayin abin da ya rufe maganar duk wani kuɗin fetur da na gyara na baya. Wannan ƙarshen jimlar yana da amfani ƙwarai, domin in babu shi, kuɗin mai faci zai sake tasowa ranar da aka sake ɓatawa.

Ban haƙuri kuma fa? Idan an ba da shi da baki a wurin zaman, abin da na fi so shi ne a rubuta cewa sun yafi juna a kan maganganun da suka gabata, a tsaya nan. Idan ɗaya ya nace sai an rubuta cewa an ba shi haƙuri, to sai mai bayarwar ya amince da ainihin kalmomin da za a sa, ba mai rubutu ya ƙirƙira masa ba.

Alkawura, wato jigon takardar

Kowane alkawari ya tsaya a layinsa da lambarsa, ya fara da sunan wanda zai aikata, ya faɗi aikin, da lokacin, da yadda za a san an yi. "Za a biya kuɗin" ba alkawari ba ne, tunda ba a san wa zai biya ba. "Za su riƙa mutunta juna" fata ne mai kyau, amma ranar da aka dawo da ƙorafi babu mai iya auna shi. Sai a tambayi mutanen: mutuntawar nan, a aikace mece ce? A misalinmu amsar ita ce kada wani ya kai maganar ɗan'uwansa zauren WhatsApp ko ɗakin malamai, in yana da ƙorafi ya same shi kai tsaye, in ba su daidaita ba cikin kwana biyu su je wurin mataimakin hedimasta.

Lokaci shi ne inda aka fi zamewa. "Nan ba da jimawa ba" da "idan hali ya yi" ba su ɗaure kowa ba. "Bayan Sallah" tana haifar da tambayar ƙarama ko babba, kuma kwana nawa bayanta. "Bayan girbi" ta fi wannan faɗi, domin tsakanin yankan gero da roron wake akwai makonni. Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, "ƙarshen wata" tarko ne, saboda albashi ba ya shiga a rana ɗaya kowane wata. Idan aka sa ranar 28 albashi bai shigo ba, an mai da mutum mai saɓa alkawari ba da laifinsa ba. Lafazin da ya fi aiki shi ne "cikin kwana uku daga ranar da albashin watan ya shiga asusunsa". Tunda dukansu wuri ɗaya ke biyansu, kowa ya san ranar da alat ya shigo.

Kuɗi a rubuta shi da lambobi da kuma kalmomi, a raba tsohon bashi da sabuwar gudummawa. Wannan rabuwar ba ado ba ce. Idan Malamin Hausa ya miƙa naira 9,000 a ƙarshen Oktoba, ɗaya zai iya cewa kason bashi ne, ɗayan ya ce kuɗin wata ne da ɗan ƙari. Don haka a lissafa masa a fili: kason bashi 9,000, gudummawar wata da suka amince a rage zuwa 7,000, jimla 16,000 a kowane ɗaya daga cikin watanni ukun, sannan a tambaye shi ko albashinsa zai ɗauki wannan. Idan ya yi jim, gara a mai da kashi ukun zuwa shida, naira 4,500 kowane wata, da a rubuta abin da za a karya a watan farko. Rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu a kansa ba baƙon abu ba ne gare mu, shi ne umarnin da ke cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma tunatar da wannan yakan sauƙaƙa wa wanda ke ganin rubutu alama ce ta rashin yarda.

Sai a dubi nauyin ɓangarorin biyu. Ba dole ba ne adadin alkawuran ya zo daidai, kuma kada a ƙirƙiro alkawarin banza don cike gurbi. Amma idan aka ga ɗaya yana da layi shida ɗayan yana da ɗaya, to ko dai zaman bai kammala ba, ko an manta da abin da ake bukata daga ɗayan. Ko mai bin bashi yana da abin yi: ya sa hannu duk lokacin da ya karɓa, ya kuma bar maganar kafin ajali ya yi. Game da "in sha Allahu", a sa ta sau ɗaya a saman alkawuran duka ta game kowa. Idan ta bayyana a layukan mutum ɗaya kawai, sai su zama kamar masu sassauci, na ɗayan kuma kamar umarni.

Abin da mutum biyu ba su da ikon yarjewa

A zaman misalinmu, Malamin Lissafi ya nemi a bar shi ya riƙa tafiya kasuwa da ƙarfe sha ɗaya ranar Alhamis, shi kuma ya yafe naira 5,000 daga bashin, abokinsa ya riƙe masa aji. Malamin Hausa ya so ya karɓa. Wannan ba ya shiga takarda, domin lokacin aiki ba mallakarsu ba ne, haƙƙin yara ne da na hukumar da ta ɗauke su aiki, kuma hadisin da ya halatta sulhu tsakanin Musulmi ya togace sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Mai rubutun da ya sa irin wannan a takarda ya rubuta wa mutum biyu, da shi kansa, shaidar da za a tuhume su da ita. Mafitar da aka samu ita ce Malamin Lissafi ya zauna har a tashi makaranta sannan ya wuce Maigatari, abokinsa ya nemi abin hawan dawowa a ranar, a rage masa naira 1,000 daga gudummawar wata.

Haka duk abin da ke buƙatar izinin shugaba, kamar musayar darasi a jadawali, a rubuta shi a matsayin buƙatar da za su kai wa hedimasta, ba abin da aka gama ba. Batun ɓatan kuɗin makaranta, ko dukan ɗalibi har ya ji rauni, ko cin zarafin mace a wurin aiki kuwa, ba a rufe su da takardar sulhu. Hukuma ake kai wa.

Takardar yadda za ta fito

Ga jikin takardar misalinmu, bayan an rubuta sunaye da muƙamai a sama:

"A yau Litinin, 13 ga Oktoba, 2025, an zauna a ofishin hedimasta da yardar malaman biyu. An samu saɓani tsakaninsu a kan lissafin gudummawar fetur, da tsarin ranar Alhamis, da wani saƙo da aka tura a zauren malamai. Wannan takarda ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Sun yafi juna a kan maganganun da suka gabata, kuma sun amince da abin da ke ƙasa, in sha Allahu.

1. Lissafinsu ya bambanta, sun amince da naira dubu ashirin da bakwai (27,000) a matsayin abin da ya rufe duk kuɗin fetur da na gyara har zuwa ƙarshen Satumba, 2025.

2. Malamin Hausa zai biya wannan kuɗi a kashi uku, naira 9,000 daga albashin Oktoba da Nuwamba da Disamba, cikin kwana uku daga ranar da albashin ya shiga asusunsa.

3. Malamin Lissafi zai rubuta adadi da kwanan wata, ya sa hannu a bayan kwafin Malamin Hausa duk lokacin da ya karɓa.

4. Daga Oktoba gudummawar wata ta zama naira 7,000, dabam da kason da ke lamba ta 2, kuma Malamin Hausa zai biya su tare. Babu gudummawa a watan da hutu ya cinye gaba ɗaya.

5. Malamin Lissafi zai tsaya a tashar da suka saba haɗuwa da ƙarfe 7:00 na safe, ya jira har 7:10. Malamin Hausa zai iso a cikin wannan lokaci. Wanda ba zai samu zuwa ba zai kira ɗan'uwansa kafin sallar isha'i ta daren da ya gabaci ranar.

6. Ranar Alhamis kowannensu zai kula da azuzuwansa har a tashi makaranta. Malamin Hausa zai nemi abin hawan dawowa a ranar.

7. Malamin Lissafi zai tura a zauren malamai yau kafin magariba cewa an daidaita, maganar ta wuce. Babu wanda zai kai batun ɗan'uwansa zauren ko ɗakin malamai.

8. Wanda ya ga ba a cika wani abu ba zai fara magana da ɗan'uwansa. In ba su daidaita cikin kwana biyu ba, su kai wa mataimakin hedimasta tare.

9. Za a sake zama ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, bayan an tashi makaranta, don duba abin da aka cika."

Mai karatu zai lura cewa a lamba ta 7 ba a ce a goge saƙon ba. Dalili shi ne kowa ya riga ya karanta shi, kuma WhatsApp ba ya barin a goge saƙo ga kowa bayan ɗan lokaci ya wuce, don haka alkawarin gogewa zai iya zama abin da ba ya yiwuwa. Abin da aka faɗa a bainar jama'a, a bainar jama'a ake gyara shi.

Karantawa, sa hannu da ajiya

Idan an gama, mai rubutu ya karanta takardar da ƙarfi, layi bayan layi, yana tsayawa a kowace lamba. Akwai gwajin da nake yi a zuci kafin wannan: in musanya sunayen biyu in sake karantawa. Duk jimlar da na ji za ta yi wa babba nauyi in da shi aka rubuta wa, to ta yi wa ƙaramin ma nauyi, sai in gyara ta. Gyaran da aka yi da biro bayan an karanta, dukansu su sa alamar hannunsu a gefensa. Idan ɗaya ya ce yana so ya kwana da takardar ya yi tunani, a ba shi zuwa gobe, wannan ya fi sa hannun dole. Idan kuma ɗayansu bai iya karatun boko ba, kamar maigadi ko mai shara, a karanta masa a gaban shaidan da shi ya zaɓa, ya dangwala yatsa, mai rubutu ya ƙara layi a ƙasa cewa an karanta masa da Hausa ya ce ya fahimta, ya sa sunansa da inda yake zaune.

Kwafi uku ya isa: ɗaya ga kowannensu, ɗaya ga mai shiga tsakani. A yanke shawara a wurin ko takardar za ta shiga fayil ɗin aikinsu, a kuma rubuta abin da aka yanke. Ra'ayina shi ne kada ta shiga, domin ba takardar tuhuma ba ce, kuma jami'in da zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyar bai san yadda aka yi ba, zai ga kawai cewa mutumin ya taɓa rigima. A kuma hana ɗaukar hotonta da waya ana turawa.

Yana da kyau a gaya musu matsayin abin da suka sa wa hannu. Ba hukuncin kotu ba ne, kuma mataimakin hedimasta ba shi da ikon cire kuɗi daga albashin kowa. Amma takarda mai sa hannu da shaidu hujja ce a kan bashin idan maganar ta kai gaban alƙali. Dokar tarayya ta 2023 a kan sasanci da sulhu, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta amince cewa yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sulhu tana ɗaure ɓangarorinta. Idan kuɗin da ke tsakani mai yawa ne, kamar jarin kiwo ko kuɗin fili, ya fi kyau a nemi shawarar lauya ko a je cibiyar sulhu ta hukuma, irin wadda ke ƙarƙashin babbar kotun Jihar Kano, maimakon a tsaya ga takardar ofis.

Ranar dubawa, mai rubutu ya ɗauko kwafinsa ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, da lafazi irin na farko. Idan kason Oktoba ya shigo a kwana na biyar maimakon na uku, a rubuta "an biya naira 9,000 a rana kaza", ba "ya makara da biya" ba. Idan aka ga ƙarfe 7:00 ba za ta yi ba saboda sanyin hunturu ya kama, a rubuta sabon lokacin a bayan takardar da kwanan wata, dukansu su sake sa hannu a kowane kwafi, sannan a tsayar da ranar zama na gaba bayan albashin Disamba.